Ya ce sai na biya kafin ya loda, ni kuma na ce sai na ga kaya: ina elsi ya shigo?

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman waɗanda suka san harkar shigo da kaya su wayar mini da kai. Na daidaita da wani kamfani a ƙasar waje a kan injin ban-ruwa guda 200, kowanne dala 400, har da kuɗin jirgin ruwa da inshora, jimla dala 80,000. Ban taɓa sayen komai a wurinsu ba. Sun ce in tura kuɗi duka kafin su loda. Na ce a'a, kaya su iso tukuna. Sati biyu ke nan muna jan wannan magana. Jiya sai suka ce to in buɗe musu elsi. Ƙanina ya ce ita ce takardar lamunin banki da ƴan kasuwa ke faɗa. Ni dai tambayata, in na buɗe, wa aka kare? Su ko ni?

Ɗanjuma: Wa alaikumus salam Hajiya. In kina da kuɗinki a hannu me zai kai ki ga cin bashin banki? Lamuni ai bashi ne, ga ruwa a kai. Ki tura musu rabi yanzu, rabi daga baya, a wuce wurin.

Malam Isyaku: Ɗanjuma, sunan ne ya ruɗe ka. Lamunin da ake nufi a nan shi ne tsayawa wa mutum, ba ba shi rance ba. Na yi shekaru a teburin da ake duba irin waɗannan takardu, bari in faɗa yadda abin ke tafiya da misalin Hajiya.

Hajiya za ta je bankinta ta cika takardar neman elsi. Bankin zai nemi ta ajiye kuɗin, duka ko wani kaso, gwargwadon yadda ya yarda da ita. Sai ya aika saƙo ta SWIFT, hanyar da bankuna ke aika wa juna saƙo, irin saƙon da ake kira MT700, zuwa wani banki a ƙasar mai sayarwa. Abin da saƙon ke cewa a taƙaice: ni banki kaza na ɗauki alkawari zan biya kamfani kaza dala 80,000 idan ya kawo takardu kaza da kaza kafin rana kaza. Bankin can zai duba ya ga saƙon na gaske ne, ya sanar da kamfanin. Kamfanin ya loda kaya, ya karɓi takardar lodi daga masu jirgi, ya haɗa da sauran takardun, ya miƙa wa banki. Aka duba aka ga sun dace, a biya shi. Takardun su taho bankin Hajiya, ta karɓa, da su za ta fitar da kayanta a tashar jirgin ruwa.

Shi mai kaya yanzu ba da maganar Hajiya ya dogara ba, da alkawarin banki ya dogara. Ita kuma kuɗinta ba sa fita sai an kawo shaidar cewa kaya sun hau jirgi.

Alhaji Bala: Haka yake. Ni na yi sau biyu. Hajiya ki buɗe kawai, hankali kwance. In kaya suka zo ba su da kyau, ko ba su ne kika saya ba, banki ba zai sake musu ko kwabo ba. Ai amfanin abin ke nan.

Malam Isyaku: Alhaji, rabin maganarka daidai ne, ɗaya rabin kuwa shi ne ramin da masu shigo da kaya suka fi faɗawa. Banki ba ya ganin kaya, ba ya buɗe kwantena. Ƙa'idojin da kusan duk elsi ke tafiya a kansu su ne UCP 600, na Cibiyar Kasuwanci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Paris, sun fara aiki ranar 1 ga Yuli 2007. Sashe na 5 ya faɗa ƙarara cewa bankuna da takardu suke hulɗa, ba da kaya ba. Sashe na 4 kuma ya raba elsi da yarjejeniyar cinikin da ke tsakanin mai saye da mai sayarwa, kowanne zaman kansa yake.

Ga lissafin kwanaki ma. Da zarar an miƙa takardu, banki na da kwana biyar na aiki, ba ƙari, ya yanke ko sun dace ko ba su dace ba. Jirgin ruwa kuwa yana iya yin wata guda ko fiye a kan teku. Wato galibi an riga an biya mai kaya tun kafin Hajiya ta ɗora ido a kan inji ko ɗaya. In ta buɗe kwantena ta tarar da injuna masu ƙaramin ƙarfi, tsakaninta ne da kamfanin. Banki ya gama nasa.

Alhaji Bala: To ni dai sau biyun nan kayana lafiya suka zo.

Anti Ladi: Alhaji, mutumin kirki ka samu, shi ya sa. Mu da muke fitar wa mutane kaya a tasha mun ga kwantenar da takardunta fes, ko ɗigo babu, aka buɗe aka tarar rabin kwalayen ba irin da aka saya ba ne.

Hajiya Rabi: Innalillahi. To Malam, ashe su aka kare ke nan, ni an bar ni da takarda a hannu?

Malam Isyaku: A'a Hajiya, an kare ki, sai dai kariyar ke ce za ki gina ta da hannunki ranar da kike cika takardar nema. A cikin saƙon nan akwai gurbi mai lamba 46A, a nan ake jera takardun da mai kaya zai kawo kafin a biya shi. Duk abin da kike tsoro, ki nemo takardar da za ta toshe shi, ki sa a wurin.

Kina tsoron kada ya ƙi lodawa sam, ya riƙe kuɗi. Takardar lodi ta toshe wannan. Ki nemi cikakken saitin na asali, yawanci uku ne, mai nuna an ɗora kaya a kan jirgi da kwanan wata, kuma tsaftatacciya, wato masu jirgi ba su rubuta cewa kwalaye sun yage ko sun jiƙe ba. A rubuta ta bisa umarnin bankinki. Wanda ke riƙe da ita shi ke da ikon karɓar kaya, don haka mai sayarwa ba zai karɓi kuɗi kuma ya ci gaba da riƙe kayan ba.

Kina tsoron ya ja ki wata shida. Gurbi na 44C shi ne ranar ƙarshe ta lodi. A ce kin sa 15 ga Mayu. In takardar lodi ta nuna 16 ga Mayu, alkawarin banki bai hau kanta ba, sai in ke kika yafe.

Kina tsoron jirgi ya samu matsala a hanya. Tunda farashinku ya haɗa da inshora, zai kawo takardar inshora, kuma in ba a faɗi wani adadi ba mafi ƙaranci shi ne kashi 110 cikin ɗari na darajar kayan. A naki, dala 88,000.

Sai babban tsoron, ingancin kaya. A nan za ki sa sharaɗin takardar shaidar duba kaya daga wani kamfanin dubawa mai zaman kansa, wanda ku biyu kuka amince da shi, a duba kafin lodi. Kuma kada ki ce "takardar duba kaya" kawai ki yi shiru. In ba ki faɗi wanda zai bayar da ita da abin da za ta ƙunsa ba, banki zai karɓi wadda aka kawo masa muddin ta yi kama da takardar dubawa, ko da mai sayarwar ne ya buga ta a ofishinsa. Ki rubuta sunan mai dubawa, ki rubuta cewa takardar ta tabbatar da adadi 200, da samfurin injin, da ƙarfinsa, kuma an tayar da guda nawa an gani.

Anti Ladi: Ki ƙara da cewa a rubuta lambar kwantena da lambar hatimin da aka rufe ta da shi a takardar dubawar. Ana iya duba kaya masu kyau ranar Litinin a loda wasu ranar Laraba. In lambar hatimi ɗaya ce a takardar dubawa da takardar lodi, kin rage wannan wasan sosai.

Malam Isyaku: Madalla, Ladi. Wannan daga tasha ake koyon sa, mu na ofis ba mu cika tuna shi ba.

Nura: Ku yi haƙuri in shigo da nawa, don kuna ta magana kamar mai sayarwa ya gama tsira. Ni fitar da kaya nake yi. Bara na yi elsi na dala 50,000 da wani mai saye. Na loda ranar 3 ga wata, cikin lokaci, kaya babu abin da ya same su. Takardar shaidar asalin kaya ce ta makale a wani ofis, sai ranar 26 na kai takardu banki. Elsi ɗin bai ƙare ba, saura kwana tara ma. Sai ga saƙo wai an ƙi takarduna, na makara. Na ce makara kamar yaya? Aka ce kwana 21 bayan lodi ne iyaka, ni na yi 23.

Bankin mai sayen ya tambaye shi ko zai yafe. A lokacin farashin kayan ya ɗan sauka a kasuwarsu. Sai ya turo mini cewa zai yafe in na rage kashi 8 cikin ɗari. Kayana na tsakiyar teku, in na ƙi za su isa tasha su zauna kuɗin ajiya na hawa a kaina. Dala 4,000 na bari saboda kwana biyu. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ina kariyar?

Ɗanjuma: Ka ga abin da nake faɗa. Banki da mai saye bakinsu ɗaya.

Malam Isyaku: Nura, Allah ya mayar da alheri. Ba haɗin baki ba ne, Ɗanjuma. Agogo biyu ne ke tafiya lokaci guda, mutane suna kallon ɗaya su manta ɗaya. Akwai ranar ƙarewar elsi a gurbi na 31D. Akwai kuma wa'adin miƙa takardu bayan lodi, wanda in elsi bai faɗi wani abu ba kwana 21 ne na kalanda, har da Asabar da Lahadi ake ƙirgawa. Wanda ya riga cika shi ke aiki. A misalin Hajiya, in elsi zai ƙare 10 ga Yuni kuma an loda 12 ga Mayu, ranar ƙarshe ta gaskiya ita ce 2 ga Yuni, ba 10 ba.

Kuma abin da ya same ka shi ne ainihin yadda abin yake. Muddin takardunka sun dace, banki ne ke da alhakin biyan ka, mai saye ba shi da ta cewa. Ko ya canza ra'ayi, ko farashi ya faɗi, ko ya karye gaba ɗaya, za a biya ka. Ba ya iya zuwa ya ce a soke, domin a ƙarƙashin UCP 600 kowane elsi ba mai sokuwa ba ne, ko gyara ma ba a yi masa sai da yardar mai sayarwa. Amma da saɓani ɗaya ya shiga takardu, alkawarin banki ya sauka, ka koma hannun mai saye kamar ba a taɓa buɗe komai ba. Ba kai kaɗai ba ne. Gabatarwar UCP 600 ɗin kanta ta ambaci cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na takardu ana ƙin su a miƙawar farko.

Da ka zo wurina tun ranar da elsi ya iso, da na ce ka zauna da biro ka bi gurbi 46A layi-layi, kowace takarda ka tambayi kanka wa zai ba ni ita, kwana nawa take ɗauka. Da ka ga ta asalin kaya na iya jinkiri, sai ka nemi a gyara wa'adin zuwa kwana 30 tun kafin ka loda. Kafin lodi mai saye na son kayansa, zai yarda. Bayan lodi wuƙa da nama suna hannunsa.

Nura: Jiki magayi, Malam. Yanzu ba na taɓa kwali sai na karanta sau uku.

Alhaji Bala: Amma ai wani lokacin bankuna ma neman dalili suke yi. Na ji an taɓa ƙin takardu a Ingila saboda sunan gyaɗa kawai.

Malam Isyaku: An yi, shari'ar Rayner da bankin Hambros ce, a shekarun 1940. Elsi ya kira gyaɗar da sunan Koromandel, wani yanki a Indiya, takardar lodi ta kira ta ɓararriyar gyaɗar inji. Duk ƴan wannan kasuwa sun san abu ɗaya ne, amma kotu ta ce ba aikin banki ba ne ya san yaren kowace sana'a. Yanzu an ɗan sassauta. Inbois ɗin mai kaya, wato takardar lissafin kaya da farashinsu, shi ne dole bayanin kayansa ya dace da na elsi. Sauran takardu suna iya kiran kayan da suna na gaba ɗaya, in dai bai ci karo da na elsi ba.

Shi ma bankin an ɗaure shi. In zai ƙi, sanarwa ɗaya tak zai bayar cikin kwana biyar ɗin nan, ya lissafa duk saɓanin da ya gani. Ba ya faɗin biyu yau, ka gyara, gobe ya fito da na uku a kan takardun da ya riga ya gani. In bankin da ya buɗe elsi ya bar kwanakin suka wuce bai yi magana ba, ya rasa damar ƙi.

Hajiya Rabi: Na fara ganewa. Malam, wata dabara ta zo mini. Me zai hana in sa sharaɗin cewa ni da kaina zan sa hannu a takardar shaidar cewa kaya sun yi, bayan sun iso na gani? Ba sa hannuna, ba biya.

Nura: Hajiya, in ni ne mai sayar miki, ranar zan mayar miki da elsinki.

Malam Isyaku: Nura ya yi gaskiya. Ana iya rubutawa, wasu na yi, amma kin mayar da elsi takardar banza a wurinsa, tunda biyansa ya koma ga ganin damarki. Mai sayarwar da ya san abin da yake yi ba zai karɓa ba. Wanda ya karɓa ba musu kuwa, ni sai in fara tunanin ko bai karanta ba ne, ko ba ya da niyyar lodawa. Shi ya sa ake neman mai dubawa na uku, wanda ba naki ba, ba nasa ba.

Ki kuma shirya, suna iya cewa sai an tabbatar musu da elsi ɗin. Ba raini ba ne. Su ba su san bankinki ba, kuma ko banki na da ƙarfi, ƙasarsa na iya shiga halin da kuɗin waje ke wuyar fita. Sai su nemi wani banki a wajensu ya ɗora nasa alkawarin a kan na bankinki. Wannan bankin in takardu sun dace zai biya su daga aljihunsa, ko bankinki ya turo ko bai turo ba. Akwai lada a kan hakan, ku daidaita wa zai biya tun yanzu, a rubuta.

Anti Ladi: Malam, ban gamsu da wani wuri ba. In takardar lodin kanta ta bogi ce fa? Ba jirgi, ba kaya, an zauna an buga ta da kwamfuta.

Malam Isyaku: A nan ne katangar ta fi gajarta, ba zan ɓoye ba. Sashe na 34 ya ce banki ba ya ɗaukar alhakin sahihancin takarda ko jabunta. Fuskar takarda yake dubawa. In ta yi kama da ta gaske kuma ta dace, ya biya, mai saye zai biya shi.

Kotuna sun bar ƙofa ɗaya, ta zamba. A New York a 1941 an yi shari'ar wani da ya sayi gashin yin buroshi daga Indiya, ya ce an cika akwatunan da gashin shanu da shara. Kotu ta yarda cewa in mai sayarwa da gangan ya yi zamba, kuma an sanar da banki kafin ya biya, ana iya tsayar da biyan. Amma dubi sharuɗɗan: zamba bayyananniya, ba "kayan ba su kai yadda nake so ba", kuma kafin kuɗi su fita. Da kwana biyar a hannu da jirgi a tsakiyar teku, sau nawa mutum zai samu hujja a kan lokaci?

Anti Ladi: To ka ga. Ni shi ya sa nake gaya wa mutanena, da kwafin takardar lodi ya iso, su shiga shafin kamfanin jirgin su sa lambar kwantena su ga ko akwai ta, kuma a kan wane jirgi take. Minti biyu ne. Kuma har yanzu ina ganin mai sayarwa ya fi cin moriyar elsi. Shi kuɗi yake samu, mai saye takarda.

Nura: Anti, zo ki faɗa wa dala dubu huɗuna haka.

Anti Ladi: Kai ka yi kuskure ka yi asarar kashi 8. Mai saye yana iya yin komai daidai ya yi asarar ɗari bisa ɗari.

Malam Isyaku: Ba zan raba muku wannan ba, kowannenku ya ga abin da ya gani. Ni dai ina auna shi da abin da ke kan teburin Hajiya jiya: ta tura dala 80,000 ga mutanen da ba ta taɓa gani ba, ba ta da ko takardar lodi. Tsakanin wannan da elsi mai ɗauke da mai dubawa, da ranar lodi, da lambar hatimi, akwai tafiya mai nisa.

Ɗanjuma: Ni har yanzu rabi da rabi ya fi mini sauƙi. Ba ladan buɗewa, ba ladan gyara, ba ladan tabbatarwa.

Alhaji Bala: A ƙaramin oda da mutumin da ka sani, na yarda. Rabin dubu tamanin fa dubu arba'in ne, Ɗanjuma, kuma in sun tafi ba takardar da za ka riƙe.

Hajiya Rabi: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na rubuta: takardar lodi cikakken saiti bisa umarnin banki, inshora dala 88,000, mai dubawa da sunansa, lambar kwantena da hatimi, lodi kafin 15 ga Mayu. Malam, in na je banki gobe su aika kai tsaye, ko akwai abin da zan fara yi?

Malam Isyaku: Kada su aika tukuna. Ki ce su ba ki daftarin saƙon, ki tura wa kamfanin su karanta su ce sun iya cika kowane layi. Gyara a daftari kyauta ne, bayan an aika kuwa kowane gyara da ladansa kuma sai kowa ya amince. A gurbi na 45A, bayanin kaya, kada ki kwafe littafin injin gaba ɗaya. Suna, samfuri, ƙarfi, adadi, farashi, da sharaɗin isarwa sun isa.

Hajiya Rabi: To. Sun turo yanzu wai sun yarda da mai dubawa, amma ni zan biya shi, kuma suna son a matsa ranar lodi zuwa 30 ga Mayu. In na yarda, ranar ƙarewar ma sai ta matsa ko?

Nura: Ta matsa mana. Kwana 21 daga 30 ga Mayu ya kai 20 ga Yuni. In kika bar ta a 10 ga Yuni kin ba su kwana goma sha ɗaya kacal, za su dawo suna neman gyara.